Dashen gwanda a ƙasar laka: ruɓewar gindi da yadda tudu ya hana ta

Gwanda goma sha biyu na dasa a gefen fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato a ƙarshen Yuli, kowace ta kai taƙi ɗaya da rabi a cikin leda. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai danƙo, don haka na haƙa ramuka masu zurfin kamu guda, na cika su da yashi da takin shanu, ina ganin na sassauta wa saiwa. Ashe randa na gina wa kowace. Ruwan Agusta yana sauka sai ya bi ta yashin ya taru a ramin, lakar da ke kewaye ta hana shi fita. Sama ta bushe, ƙasa kuwa saiwa na cikin ruwa tsundum, ita kuwa gwanda kwana ɗaya zuwa biyu a haka ya isa ya fara kashe mata saiwa.

Ganyen ƙasa ne ya fara yin rawaya yana faɗuwa, sannan na sama ya yi yaushi da rana alhali ƙasa jiƙe take. Nan mutane da yawa ke rikicewa su ce yunwa ce, su watsa yuriya ko su ƙara ruwa. Ita yunwar taki tana sa ganye ya koɗe, amma yana tsaye, karan kuma da ƙwari. Na tone ƙasa da yatsa a gindin guda ɗaya, sai na ga daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya yi duhu kamar an tsoma shi a mai, na danna ya lotsa. Da na tumɓuke ta, saiwoyin da ya kamata su zama farare sun koma ruwan ƙasa, fatarsu na saɓulewa, ga wari. Iska ce ta ƙare wa saiwar, sai ƙwayoyin cutar da ke yawo cikin ruwan ƙasa suka samu ƙofa.

Wadda ruɓewa ta zagaye karanta ba ta dawowa, kada ka ɓata kuɗin magani. Bakwai na cire tare da ƙasar gindinsu, na kai nesa da lambun. Sauran biyar da karansu ke da ƙwari, na janye ƙasa da ciyawa daga gindinsu har wuyan saiwa ya sha iska, na yanka ɗan lambatu daga kowane rami zuwa gangare, na daina ba su ruwa da taki. Uku suka fitar da sabon ganye. Abin da ba a yi shi ne tara ƙasa a jikin karan da ya fara ruɓewa wai don ya tsaya. Laimar da ke cin sa ce ka ƙara lulluɓa masa.

Kafin sake dashe na gwada wurin: rami mai zurfin santimita 30, na cika da ruwa da yamma. Da safe na tarar da fiye da rabi. Wurin da ya yi haka, gwanda ba ta rami ba ce, ta tudu ce.

Tudun da na yi tsayinsa santimita 40, faɗinsa a ƙasa kamar mita ɗaya, samansa a baje ba mai tsini ba, don kada ruwa ya zaftare shi. Na fara sassare ƙasar wurin da fartanya domin tudun ya haɗe da ita, sannan na cakuɗa kashi biyu na ƙasar sama, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sarai har ya daina zafi. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ƙona saiwa yake yi. Tsakanin tudu da tudu mita biyu, ƙasar da na ɗebo daga tsakaninsu kuma ta bar magudana. Ka tabbata magudanar tana da mafita, in ba haka ba kududdufi ka yi, tudun ya riƙa tsotsar ruwa daga ƙasa. Na bar su mako guda suka zauna, saboda sabon tudu yana sauka, ya ja dashe ƙasa.

Wajen dasawa na yanke ledar ban fasa dunƙulen ƙasar ba, na sa shi saman dunƙulen daidai da saman tudu, ko yatsa ɗaya ban ƙara binne karan ba.

Tudu yana da nasa haraji a Sakkwato. Damina na ɗaukewa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, yana bushewa da wuri. Sai na yi zoben ban ruwa a kewaye, taƙi guda daga kara, na shimfiɗa buntun shinkafa a kai ba tare da ya taɓa gindin ba. Kafin in ba da ruwa nakan cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in na ji sanyin laima sai in bari sai gobe.