Talata: wake a jaka da ƙimar p

Da asuba na zauna da takardun gwajin makon jiya, kuma tun kafin in kai ta goma na gane cewa laifin nawa ne. A cikin darasi ɗaya na kira abu ɗaya da suna uku: hasashe, zato, tsammani. Ina ta sauyawa don kada magana ta gundure su. Sai ga wata ɗaliba ta rubuta su a jere, kowanne da bayaninsa, a matsayin matakai uku na gwaji. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, kuma abin da ta ji daga bakina ta rubuta. A hira sauya kalma ado ne, amma a ƙididdiga duk wanda ya ji sabuwar kalma zai ɗauka sabon abu ne.

Shi ya sa yau da na shiga ajin 'yan digiri na biyu, su 24, na raba allo gida biyu. A hagu abin da za su gani a kwamfuta da littattafansu na Turanci, a dama kalmar Hausa guda ɗaya tak. H0 shi ne hasashen babu bambanci, H1 hasashen akwai bambanci, abin da manhajar ƙididdiga ta R ke rubutawa `p-value` kuma ƙimar p. Na ce daga yau har ƙarshen zango ba mai canza su, har ni, kuma duk wanda ya kama ni na zame ya tsayar da ni.

Misalin da muka ɗauka na gona ne, saboda yawancinsu daga fannin noma suke. A ce an raba gonaki 20 kowacce gida biyu, rabi sabon irin gero, rabi tsohon iri. A gonaki 15 sabon ya fi yawan dami, a 5 tsohon ya fi. Idan H0 gaskiya ne, wato irin biyu ɗaya suke, to a kowace gona wanda zai yi nasara dace ne kawai, rabi da rabi. Tambayar ita ce: a irin wannan hali, sau nawa dace kaɗai zai kawo rinjaye mai girman 15 da 5?

Na zo da jakar yadi da wake 100 a ciki, fari 50, ja 50. Kowa ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya zaro ɗaya, ya rubuta launinsa, ya mayar, ya girgiza, har sau 20. Fari yana nufin sabon iri ya yi nasara. Aikin ya ci mana fiye da rabin sa'a, wake ya zube ƙarƙashin benci sau biyu, sai da muka sake ƙirgawa. Yawanci sun samu tsakanin 8 da 12. Mutum ɗaya ne ya yi nisa, ya samu fari 5 kacal. Na ce masa shi ma yana cikin lissafi, domin 5 da 15 nisansu ɗaya daga 10, kuma ba mu yanke tun farko cewa sabon iri ba zai iya zama mafi rauni ba. Abin da ake kira gwaji mai gefe biyu ke nan.

Sannan muka yi lissafin. Hanyoyin da zare 20 zai iya fitowa 1,048,576 ne. Waɗanda ke ba da fari 15 ko fiye 21,700 ne, wato 0.0207. A ninka biyu saboda ɗaya gefen, a samu 0.0414. Na buɗe kwamfuta muka tabbatar:

```r
binom.test(15, 20, p = 0.5)
```

Allon ya nuna `p-value = 0.04139`. Kusan 4 cikin 100, ko ɗaya cikin 24, kuma yau ajinmu ya yi dace ya faɗo daidai kan hakan. Na gaya musu wata rana za a iya samun mutum uku, ko babu ko ɗaya.

A nan wani dattijo a cikinsu, wanda ya daɗe yana aikin malamin gona, ya ɗaga hannu. "Malam, ke nan yiwuwar H0 gaskiya ne 4 cikin 100 ce kawai?" Wannan kuskuren na fi tsoro, domin a baki jimlolin biyu suna kama. Na miƙa masa jakar na ce, "Alhaji, wake nawa ne fari a ciki?" Ya ce 50. Na ce to a wannan jakar H0 gaskiya ne ɗari bisa ɗari, mu muka zuba da hannunmu, amma duk da haka ɗan'uwanmu ya zaro 5. Ƙimar p tana farawa ne da ɗaukar cewa H0 gaskiya ne, sannan ta auna yadda sakamako irin namu, ko wanda ya fi shi nisa, zai yi wuyar fitowa. Abin da aka ɗauka a matsayin sharaɗi ba za a juyo a ce lissafin ya auna shi ba. Ya yi shiru yana juya jakar, can ya ce, "Kenan kalmar 'idan' ce ke ɗauke da kayan." Na rubuta ta babba a allo.

Kalmar da ta fi ba mu wahala ita ce `significance`, wadda manhajar SPSS ke taƙaitawa `Sig.` a saman shafinta. Kowa ya ce a fassara ta da "muhimmi". Na ƙi, kuma ina nan kan bakana. Da a gonaki 10,000 aka yi gwajin, sabon iri ya yi nasara a 5,200, ƙimar p za ta faɗi ƙasa da 0.001, alhali rinjayen 52 cikin 100 ne kawai. Wane manomi ne zai ji an ce "bambanci muhimmi" bai ɗauka rumbunsa zai cika ba? Muka tsaya a kan "ya ƙetare ƙa'idar 0.05", wato ƙimar p ta faɗi ƙasa da 0.05, muka bar "muhimmi" ga abin da ya shafi dami da kuɗin taki. Ita kanta 0.05 ɗin al'ada ce da ta yaɗu daga littafin Ronald Fisher na 1925, lokacin yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ba iyaka ce da halitta ta shata ba.

Don su ga haka, na rage gona ɗaya. Idan 14 ne cikin 20, ƙimar p ta koma 0.115. Ɗalibar nan ta takardar safe ta ce, "To yanzu mun karɓi H0." Na ce a'a, ba mu yi watsi da shi ba dai. Gonaki 20 sun yi kaɗan su nuna bambanci matsakaici, kuma alƙalin da ya sallami mutum don ƙarancin shaida bai ce ya ga zuciyarsa ba. "Karɓa" ba ta shiga allonmu.

Dab da tashi ina maimaitawa sai na ce "zaton babu bambanci". Murya kusan biyar suka haɗa baki: "Hasashe, Malam!" Na gyara, kuma na ji daɗi har raina.

Yanzu bayan isha'i na kwafe allon a takarda ɗaya da zan raba ranar Alhamis. Layi ɗaya na bari fari, na `confidence interval`, wato tazarar da R ya nuna a ƙasan sakamakon don ƙiyasta yiwuwar nasarar sabon iri, daga 0.509 zuwa 0.913. Ina tsakanin "tazarar aminci" da "tazarar tabbaci", kuma ta biyun tana yin alkawarin da lissafin bai yi ba. Waken yana nan a jaka, na ƙirga 99.