Abin da na koya wajen gano shafuka masu kama da juna

Shekara biyu na yi ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kaduna, inda muke gina injin binciken labaran Hausa. Ƙorafin da ya fi damunmu shi ne mutum ya nemi farashin masara, a jero masa labari ɗaya sau shida, domin jaridu da dama sun kwafe shi, kowace ta sauya kanu ko kwanan wata. Da farko na ɗauka hash na shafi gaba ɗaya, wato lambar da ake lissafowa daga rubutun ta zama tamkar tambarinsa, irin SHA-256, zai wadatar, sai na ga ko waƙafi ɗaya aka ƙara lambar takan sauya baki ɗaya.

Abin da ya fitar da mu shi ne shingil, wato yanka rubutu zuwa gutsattsarin kalmomi masu hawa kan juna. A jimlar "farashin masara ya sauka a kasuwar Kawo jiya da safe" akwai kalmomi 10, kuma idan aka yanka uku-uku, ana matsawa da kalma ɗaya kowane karo, za a sami shingil 8. In wata jarida ta rubuta "yamma" a madadin "safe", guda ɗaya ne zai sauya: sun haɗu a 7 cikin jimillar 9, wato 0.78 a ma'aunin Jaccard, wanda ke raba adadin shingilolin da suka haɗu a kai da jimillarsu. Amma in an mai da "Kawo" ta koma "Sabo", uku ne za su sauya, makin ya faɗo 5 cikin 11, kimanin 0.45, saboda kalmar tsakiya tana cikin gutsattsari uku. Da shafuka suka yi yawa, mun koma ga MinHash, dabarar da Andrei Broder ya bayyana a 1997: a bi da shingilolin shafi ta hash iri 100, a ajiye mafi ƙanƙantar lamba daga kowane, sannan yawan wuraren da lambobin shafuka biyu suka dace ya zama ƙiyasin kamanninsu.

Darasin da ya fi ba ni wahala kuwa daga rubutunmu ya fito. Na tarar da labarai biyu da ido ke gani iri ɗaya ne, amma makinsu ya gaza iyakar 0.8 da muka sa don ɗaukar labarai biyu a matsayin ɗaya. Da na jera shingilolinsu gefe da gefe, sai na ga ɗaya ya rubuta "ƙasa" da "ɗaya", ɗayan kuma "kasa" da "daya", har akwai na uku mai "k'asa". Kowace kalma mai lanƙwasa tana ɓata gutsattsari uku, ga shi Hausa cike take da su. Tun daga nan muke mai da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b kafin yankan, a kwafin kwatantawa kaɗai, domin mai karatu yana buƙatar bambancin "ɓata" da "bata". Haɗe su bai taɓa sa mun ɗauki labarai daban a matsayin ɗaya ba, tunda kalmomin da ke kewaye da su sukan raba gardama.