Inda na kai a rarrabe sunaye: Adamawa ta ci kati huɗu

'Yan'uwa masu tara sunaye, ga inda aikin ya kai. Sunayen da na tsinto a nan Garwa da kewaye sun bar littafi sun koma kan kati, kowane suna da katinsa, kuma na kasa su gida uku kamar yadda masana suke yi: na mutane, na wurare, na ƙabilu. Wanda yake karanta littattafan Faransanci zai ga ana kiransu antiroponimi, toponimi da etinonimi. Akwai ƙananan rassa, irin su sunayen dabbobi da taurari da waɗanda ake rubutawa a bayan mota, amma na ajiye su a gefe tukuna.

Dokar da nake bi ɗaya ce. Abin da sunan yake nunawa a bakin mai magana shi ne yake ba shi gida, ba asalinsa ba. Asali yana da layinsa a ƙasan kati, tare da harshen da ya fito da kuma su wa suke kiran abin da shi. In aka cakuɗa waɗannan biyun, kati zai yi ta yawo daga wannan gida zuwa wancan bai zauna ba.

Adamawa ce ta fi nuna wannan. Tushenta sunan mutum ne, Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar da Fulɓe suke kira Fombina, ya rasu a 1847. To Adama kansa yana gidan sunayen mutane, babu gardama. Amma Adamawa ba ta nuna mutum. A nan Kamaru tana nuna jihar da babban birninta Ngaundere, a Najeriya tana nuna jihar da babban birninta Yola. Kati biyu ke nan, domin wurare biyu ne masu iyaka daban. Sai tsaunin Adamawa, wanda shi ba hukuma ce ta shata shi ba, don haka ya faɗa cikin sunayen duwatsu da tuddai. Na huɗu kuwa ya fita daga wurare gaba ɗaya, domin masana harshe suna kiran wani rukuni na harsuna da harsunan Adamawa, su Mundang da Tupuri da Mbum. A kowane kati na rubuta abu ɗaya a layin asali: daga sunan mutum.

Inda kunnen Bahaushe yake ruɗuwa shi ne ƙarshen kalmar. Mun saba da Kanawa, Katsinawa, Gobirawa, don haka da mun ji "awa" sai mu ce jama'a ce. Amma Nasarawa gari ne kuma jiha ce, Gobirawa ma sunan unguwa ne a Kano. Gwajin da nake yi shi ne in saka sunan a cikin jimla yadda na ji shi. In ya karɓi "na je" ko "ina zaune a", wuri ne. In ya karɓi "sun zo" kuma yana da tilo irin Bagobiri, jama'a ce. Shi ya sa nake roƙon ku da ku riƙa rubuta jimlar da kuka ji sunan a ciki, ba sunan shi kaɗai tsurarsa ba.

Wannan ƙaura daga gida zuwa gida ta cika yankinmu. Cadi sunan tafki ne kafin ya zama na ƙasa. Mayo Tsanaga da Mayo Luti koguna ne, yanzu kuma sunayen yankunan mulki ne. Njamena ta yi shekaru ana kiranta For Lami, da sunan kwamandan Faransa da aka kashe a yaƙin Kusiri a 1900, ranar da Rabe, wanda ya ci Barno da yaƙi, shi ma ya faɗi, kuma sai a 1973 aka sauya. Tsohon sunan yana da katinsa, da shekarar da ya mutu a takarda, ko da yake bai mutu a bakin tsofaffi ba. A nan cikin gari ma, Fulɓere da Hausare sunayen ƙabilu ne suka koma na unguwanni, Marware kuma sunan garin Marwa ne ya haifi unguwa a Garwa.

Cikin gidan wurare ina rabawa ne gwargwadon irin wurin: ruwa, dutse, gari, unguwa, ƙasa. A yankinmu Fillanci yana sauƙaƙa aikin, domin kalmar farko takan faɗi irin wurin, mayo kogi, hosere dutse, wuro gari. Sai dai kada a dogara da ita ido rufe, tun da mun ga mayo yana iya zama ofishin gwamnati.

Gidan mutane bai ba ni wahala ba, gida ne da muka tashi a ciki. Na yanka daban, na rana irin su Ɗanladi da Talatu da Jummai daban, na yanayin haihuwa irin su Tanko da Gambo da Auta daban, sai na alkunya irin su Abba da Ummi, sai laƙabin sana'a ko na siffa. Abin lura kawai shi ne mutum ɗaya yana iya ɗauke da huɗu daga ciki, don haka sunan ake wa kati, ba mutumin ba.

Sunayen ƙabilu ne suke buƙatar hannu mai sanyi. A nan babban rabon shi ne tsakanin sunan da jama'a take kiran kanta da wanda maƙwabta suka laƙaba mata. Fulɓe suna cewa Fulɓe, tilo Pullo, mu mu ce Fulani, Larabawan Cadi su ce Fallata. Kanuri muna ce musu Barebari, su kuma su ce mana Afuno. Zagawa suna kiran kansu Beri. Kowanne daga cikin waɗannan suna ne mai zaman kansa, ba ɓataccen lafazin ɗan'uwansa ba, kuma kati ba ya cika sai an rubuta bakin da ya fito.

Sannan akwai waɗanda suke da zafi. Mafa ba sa son a ce musu Matakam, sunan da aka ɗora musu daga waje. Kirdi kuwa tun farko ba sunan ƙabila ɗaya ba ne, laƙabi ne da aka yafa wa al'ummu da yawa masu harsuna daban waɗanda ba Musulmi ba. Wani abokin aikinmu ya ce a bar irin waɗannan kada su shiga tarin. Ni ban yarda ba, domin suna cikin tsofaffin taswirori da takardun Turawa, kuma wanda ya ci karo da su yana buƙatar sanin su wa ake nufi. Ina saka su, da jan alama a kusurwar kati, da sunan da masu abin suke so a rubuce a sama.

Katin da yake gabana yanzu shi ne Mandara, wanda yake nuna duwatsu, da tsohuwar masarauta, da jama'ar da ke kiran kanta Wandala. Waɗanda suke Mora ko Marwa, ku aiko mini da jimlolin da kuka ji shi a ciki, tare da harshen mai maganar.