Kwastoma ya ƙara katan 4, kamfani ya buga 68

Har yanzu abin yana ba ni haushi yana kuma ba ni dariya. Na raba ɗalibaina rukuni huɗu, mai shago, ɗan sari, babban dila, sai kamfani, muka yi amfani da marafan kwalba a matsayin katan na taliya. Wasan ba nawa ba ne, a jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1960, ni dai na rage masa tsawo. Kowa ya fara da katan 12, ba magana, oda a takarda kawai, kuma kaya sai bayan sati biyu suke isowa.

Sati huɗun farko kwastoma katan 4 yake saya, kowa yana odar 4 kuma 4 na iso masa duk sati, lafiya lau. A sati na biyar na mayar da shi 8.

Mai shago ya ga kayansa sun sauka zuwa 8, sai ya yi odar 12, wato 8 na ciniki da 4 na cike gurbi. Ɗan sari bai taɓa ganin kwastoma ba, shi dai 12 ya gani, ya tura, saura 4 a hannunsa, ya rubuta 20. Dila yana da 16 kacal, 12 na ajiya da 4 da suka iso, ana bin sa bashin 4, ya rubuta 36. Kamfani ya ga 36 ya buga 68. Kowa fa lissafinsa da hankali a ciki, amma ƙarin katan 4 ya zama 68 a sati ɗaya. Shi ne ake kira tasirin bulala, hannu ya ɗan motsa bakin bulala ya yi tsalle.

Amma wanda ya kashe su shi ne sati na shida. Mai shago ya ga saura 4 sai ya yi odar 16, ya manta ƙarin da ya nema satin baya yana kan hanya, gurbi ɗaya ya cike shi sau biyu. Kowa a layin haka ya yi, wallahi ina tsaye ina kallo kuma doka ta hana ni magana. Da kaya suka fara sauka tebur ya cika da marafai, oda ta koma sifili sati bayan sati, 'yan kamfani suka zauna ba aiki suna harara.

Da muka tashi wata ta ce "Malam ai kai ka riƙa jujjuya mana kwastoma." Na buɗe katunan da na rubuta cinikin kwastoma a kai, 8 ne tun sati na biyar har ƙarshe, ko sau ɗaya bai motsa ba.

In za ka yi shi da ɗalibanka, zagaye na farko kar ka tausaya musu, bar su su nutse. A na biyu ka ƙara layi ɗaya a takardarsu, kayan da ke kan hanya, su cire shi kafin su yi oda, sannan ka rubuta cinikin kwastoma a allo kowa ya gani. Oda za ta ɗan yi sama duk da haka saboda jinkirin sati biyun nan yana nan, amma mu dai ba mu sake ganin 68 ba.