Ranar da littafin bashinmu ya koma biyu

Ni da ƙanina muke riƙe da shagon atamfa a Kantin Kwari, lissafin masu bashi kuma yana cikin fayil ɗaya na Excel, `bashi.xlsx`, a Dropbox, manhajar da ke ajiye fayil a intanet ta daidaita shi tsakanin kwamfutoci, ƙanina yana buɗewa a kwamfutar shago ni kuma a laftof ɗina. Wata Asabar ina gida ba sabis, wani kwastoma da muke bin dubu 200 ya kawo min dubu 50 har ƙofa, na rage na rubuta 150, ashe da safe ya biya ta shago ya ba ƙanina dubu 30, shi ma ya rubuta 170. Da sabis ya dawo sai ga fayil biyu, na biyun an ƙara masa `conflicted copy` da kwanan wata a jikin sunan.

Wallahi saura kaɗan in goge shi, na ɗauka shara ne. Amma aikina ne a ciki. Abin da ya faru shi ne mu biyun mun taɓa fayil ɗin kafin kwamfutocin su haɗu, manhajar ba ta san na wa za ta ɗauka ba, sai ta bar wanda ya fara isa da sunan asali ta ajiye nawa a gefe. To kwanan wata ba zai raba gardama ba, kowanne akwai abin da ɗan'uwansa bai da shi.

Na kira ƙanina na ce kai rufe fayil ɗin nan kar ka sake taɓawa sai na ce maka, don in yana buɗe a wajensa kwafi na uku za mu haifa. Na tsayar da sinkin, wato daidaita fayil da Dropbox ke yi, na kwafe duka biyun zuwa filas, sannan na adana kowanne a matsayin CSV, wato zallan rubutu layi-layi, na buɗe `cmd`, tagar rubuta umarni ta Windows, a foldar da suke na gwada su:

```
fc asali.csv kwafi.csv
```

Layukan da suka bambanta yake fitarwa. A kula, CSV shafin da ke buɗe kawai yake ɗauka, in shafuka uku gare ka sau uku za ka yi.

Sabbin layuka ba wuya, kwafewa ne kawai. Layin mutumin nan ne ya tsayar da ni, 150 a nan 170 a can, kuma ba ko ɗaya da yake daidai, tunda dubu 80 ya biya, saura 120. Da na zaɓi ɗaya da mun bi bawan Allah kuɗin da ya riga ya bayar. Sai da muka ɗauko rasit muka tabbatar.

Na gyara a `bashi.xlsx`, na kunna sinkin, na jira ƙanina ya buɗe ya ce min ya ga 120, sannan na goge kwafin. Yanzu mun daina gyara jimla a kan tsohon layi, duk biya sabon layi ne da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, in kuma ba sabis a takarda nake rubutawa sai na shiga kasuwa.