Wasiƙar da nake rubuta wa ɗalibai kafin jarrabawar tsakiyar zango

Ba na rubuta wa ɗalibai wasiƙar bayanin jarrabawa sai na gama tsara tambayoyin, na kuma zauna na amsa su da hannuna. Dalili shi ne duk jimlar da ke cikin wasiƙar alkawari ce, kuma ranar jarrabawa ɗalibi zai riƙe ta ya gwada da takardar da ke gabansa. In malami ya fara da wasiƙa, abin da yake zato zai tambaya shi zai rubuta, daga baya kuma tambayoyin su fito da wata kama. Kwas ɗin da nake koyarwa gabatarwa ce ga ilimin ƙididdiga ga 'yan shekarar farko, kuma da shi zan nuna yadda aikin ke tafiya.

Kafin wasiƙar, nakan zana wani jadawali wanda ni kaɗai ke ganinsa. A gefe guda makonnin da muka yi, a ɗaya gefen makin da kowane mako ya samu a takardar. A wannan zangon jarrabawar maki 60 ce. Mako na 1, ire-iren bayanai da yadda ake ɗibar samfuri, ya samu maki 6. Mako na 2, jadawali da zane-zane, 8. Mako na 3, matsakaici da lambar tsakiya, 12. Mako na 4, ma'aunin warwatsuwar lambobi, 14. Makonni na 5 da 6, lissafin yiwuwa, sun haɗu a maki 20. Amfanin jadawalin shi ne yana tona son rai. Kowane malami yana da babin da yake ƙauna, kuma hannu yakan karkata can ba tare da an sani ba. In na ga babin da muka yi wa lakca ɗaya ya kwashi sulusin maki, takardar ce ke buƙatar gyara tun kafin a kai ga wasiƙa.

Sai lokaci. Nakan ɗauki agogo in amsa takardar kamar ɗalibi, da rubuta kowane mataki, sannan in ninka lokacin da na ɗauka sau uku. Wannan ƙiyasi ne da malamai da yawa ke amfani da shi, ba doka ba ce, amma yana hana zalunci. Na gama a minti 25, wato ɗalibi na buƙatar kamar 75, jarrabawar kuma minti 90 ce. Ragowar 15 ɗin ta karanta umarni ce da sake duba aiki. Da na ɗauki minti 35, da sai na cire tambaya, domin takardar ta koma gwajin saurin hannu ke nan.

Bayan haka ne wasiƙar ke zuwa, kuma ba ta wuce shafi guda. Ga yadda na buɗe ta: “Ya ku ɗalibaina, assalamu alaikum. Jarrabawarmu ta tsakiyar zango minti 90 ce, maki 60, kuma za ta zama kashi 20 cikin 100 na sakamakon kwas ɗin gaba ɗaya. Sashe na farko tambayoyi 20 ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu, maki ɗaya kowacce. Sashe na biyu gajerun tambayoyi 4 ne, maki 5 kowacce, duka dole. A sashe na uku akwai tambayoyi 2, za ku amsa ɗaya, maki 20.” Rana da lokaci da ɗaki na sa su a layinsu daban a sama, saboda su ɗalibi zai dawo nema da sassafe yana sauri.

Akwai jimla ɗaya da ba na barinta: ko ana cire maki a kan amsar da ba daidai ba. Ga alama ƙaramin abu ne, amma yana sauya dabarar ɗalibi gaba ɗaya. Wanda ya yi canki-canka a tambayoyi 20 masu zaɓi huɗu, a matsakaicin lissafi zai ci 5. In ana cire sulusin maki a kan kowane kuskure, kurakurai 15 za su cinye waɗannan 5 ɗin, ya tashi da sifili. To in malami ya yi shiru, masu tsantseni za su bar gurbi saboda tsoro, masu ƙarfin hali su cike komai, bambancin makinsu kuma bai da alaƙa da karatu. Ni ba na cirewa, don haka na rubuta ƙarara: “Ba a cire maki a kan kuskure, kada ku bar gurbi.” Na kuma ƙara shawarar rabon lokaci, kamar minti 25 a sashe na farko, 25 a na biyu, 30 a na uku.

Inda aikin yake da gaske shi ne iyakar abin da zai fito. “Daga mako na 1 zuwa na 6” ba bayani ba ne, ko da yake ya yi kama da bayani. Ɗalibi bai san ko ana so ya haddace ma'ana ba, ko ya yi lissafi, ko ya fassara sakamako, kuma kowanne da irin shirinsa. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka rarrabe matakan sani, daga tunawa zuwa fahimta zuwa aiki da abin da aka koya, har sama. Ba na ambaton wannan a wasiƙa, abin da na ɗauka daga ciki kawai shi ne kowane layi ya fara da abin da ɗalibi zai iya yi. A madadin in rubuta “matsakaici da lambar tsakiya”, sai na rubuta: “Ku iya fitar da matsakaici da lambar tsakiya daga jerin lambobi, ku kuma iya faɗin wanne ya fi dacewa in akwai lamba ɗaya da ta yi nesa da sauran.” Rabin jimlar na biyu shi ke gaya musu cewa haddar ƙa'ida ba za ta ishe su ba.

Na kuma sa misali ɗaya da aka warware har ƙarshe, da rabon makinsa. Lambobin su ne 2, 4, 4, 6, 9, an ɗebo su a matsayin samfuri, ana so a auna warwatsuwarsu. Jimlarsu 25, matsakaici 5, maki ɗaya. Tazarar kowace lamba daga 5, in an ninka ta da kanta, tana ba da 9, 1, 1, 1, 16, jimla 28, maki biyu. A raba 28 da `n − 1`, wato adadin lambobin a cire ɗaya, 4 ke nan, a samu ma'aunin warwatsuwar, `s² = 7`, maki biyu. Na zaɓi wannan misalin da gangan. Wasu littattafan suna fara koyar da rabawa da `n`, wanda zai ba da 5.6, kalkuleta kuma tana nuna amsoshin iri biyu a wuri ɗaya. Ɗalibin da ya fahimci darasin sarai zai iya faɗawa wannan ramin in ba a gaya masa wanne ake nufi ba. Don haka wasiƙar ta ce in tambaya ta ambaci samfuri, `n − 1` ake so. Misalin ya kuma nuna musu abin da dogon wa'azi ba zai nuna ba: wanda ya rubuta 7 kaɗai babu aiki ba zai samu maki 5 ba, wanda kuma ya yi tuntuɓe a rabawar ƙarshe yana da 3 a aljihu.

Abin da ba zai fito ba ma yana da sakin layinsa, kuma shi ɗalibai suka fi gode wa. Lakcar mako na 7 za ta zo kwana biyu kafin jarrabawa, saboda haka na ce ba ta ciki. Na ce ba za a nemi su tabbatar da asalin kowace ƙa'ida ba, amfani da ita kawai. Na kuma haɗa takardar ƙa'idojin da za a raba musu a ɗakin jarrabawa, ita kanta ba kwatankwacinta ba, don su saba da inda kowane abu yake. Wasu abokan aiki suna ganin wannan sassauci ne da ya yi yawa. Ni ban yarda ba. Ɗalibin da ya kwana yana haddar abin da za a miƙa masa a takarda, daren da zai yi atisayen lissafi ne ya tafi a banza.

Amma akwai inda nake kame baki. Sashe na uku zaɓi ne, kuma in na ce tambaya ɗaya daga mako na 4 take, ɗaya daga na 5, na ba su lasisin watsar da babi guda ke nan. Shi ya sa na tsara tambayoyin biyu kowacce ta haɗa warwatsuwa da yiwuwa daidai wa daida, wasiƙar kuma ta faɗi hakan kawai. Haka nan ba na rubuta “ku mai da hankali musamman a kan kaza”. Ɗalibi yana karanta “musamman” a matsayin “kaɗai”, in wani abu ya fito daga waje sai ya ji an yaudare shi, kuma ba zan ce bai da hujja ba.

Nakan aika wasiƙar kwana goma kafin ranar, ga kowa a lokaci ɗaya, ba ta bakin shugaban aji ba, domin saƙon baki yana canza kama kafin ya kai layin baya. Tambayoyin da ke biyo baya su ke nuna mini ko ta yi aiki. In ɗalibi ya zo ya ce, “Malam, me ya sa ake rabawa da `n − 1`?”, wasiƙar ta tura shi ga karatu. In kuwa mutum biyar suka tambayi, “Malam, zane-zane za su fito?”, to wannan layin bai fito fili ba. Irin wannan tambayar ba na amsa ta a ofis ga mutum ɗaya. Nakan ce ya jira, in tattara su, in aika amsa ɗaya ga duk ajin, don kada wanda ya fi kusa da ofishina ya fi saura sanin jarrabawa.

Sauran ƙananan abubuwa suna ƙasan shafin: katin shaida, biro, kalkuleta marar ajiye rubutu, waya a kashe a cikin jaka. Mai buƙatar ƙarin lokaci saboda lalura, ko wanda jarrabawarsa ta ci karo da wata, ya sanar da ni mako guda kafin ranar, domin samo ɗaki da mai sa ido ba aikin dare ɗaya ba ne.

Da zarar wasiƙar ta fita, takardar tambayoyi ta kulle. In na hango wata tambaya da ta fi kyau amma ta fita daga iyakar da na zana, nakan ajiye ta sai jarrabawar ƙarshen zango. In kuma dole ta sa wani abu ya canza, kamar ɗaki ko lokaci, sabuwar wasiƙa nake aikawa mai kwanan wata, da canjin a layin farko. Daren jarrabawa nakan ajiye takardun biyu gefe da gefe, in bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowacce in nemo layin wasiƙar da ya yi mata izini. Wadda ban samo mata layi ba, nakan musanya ta da wata daga babinta, mai maki daidai da nata, kafin a buga.