Rage Wutar Gas Yana da Iyaka, Ƙanwata

Ƙanwata, na ji Baba ya saya muku tukunyar gas mai kilo 6, irin mai kan murhu a sama, kuma sai an je Ringim ake cika ta. Shi ya sa nake so ki ji abin da na koya a gidan abincin da nake aiki.

Hannun da ya saba da icce, izawa ya sani. Ni ma da farko haka nake murɗa makunnin har ƙarshe, wuta tana lasar gefen tukunya. Duk harshen da ya wuce gindin tukunya, iska yake dafawa. Kuma ruwa in ya tafasa ya kai digiri 100, ba ya ƙara zafi komai wutar da kika ba shi, sai dai ya ƙone da wuri.

Ɗauki wake da shinkafa. Jiƙa waken tun da safe. Ki kyasta ashana tukuna, sannan ki buɗe gas. Ki ba shi wuta madaidaiciya, da murfi a rufe, har ya tafaso. Daga nan ki rage a hankali, kina duban wutar, har tafasar ta koma ɓul-ɓul kaɗan. A haka waken zai nuna, gindin bai kama ba.

Amma ragewar tana da iyaka, kuma nan ne nake jin tsoro. Wutar da ta dace shuɗiya ce, ta zagaye kan murhun babu giɓi. In kika ga wasu ramukan sun mutu, ko tana rawa tana neman ɗaukewa, kin wuce gona da iri, ki ƙara kaɗan. Wata rana da hunturu na rage ta sosai na fita tsakar gida ɗauraye kwanuka. Kumfar wake ta zubo, iska ta ƙarasa kashe wutar, gas kuwa yana ta fita. Wari ne ya dawo da ni. Na rufe makunnin, na wangale ƙofa da taga, ban taɓa ashana ko makunnin lantarki ba sai da warin ya tafi gaba ɗaya. Gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, don haka ki sunkuya ki shinshina kafin ki sake kunnawa. Tun ranar ba na barin ƙaramar wuta ita kaɗai.

In wutar ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, yawanci ramukan sun toshe da miya ko garin tuwo. Irin wannan wutar tana fitar da iska mai guba marar wari, musamman a ɗaki rufe. Ki bari kan ya huce, ki goge shi, ki zungure ramukan da tsinke. Duk ranar da aka dawo daga cikowa kuma, ki shafa ruwan sabulu a inda kan ya haɗu da tukunyar gas ɗin. In ya yi ƙwai-ƙwai, yoyo ne: fitar da ita waje, kada ki kunna sai an gyara.